Yadda Ake Rubuta Kammalawar Rahoton Gwaji Ba Tare Da Wuce Gona Da Iri Ba

Kammalawa ita ce sashe na ƙarshe a rahoton da ɗalibi ke rubutawa bayan ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Aikinta shi ne ta koma kan manufar da aka rubuta a farkon rahoton ta ba ta amsa, sannan ta faɗi iya inda za a dogara da amsar. Yawanci ba ta wuce jimla biyar ko shida ba, amma a nan ake gane ko ɗalibi ya fahimci abin da ya auna.

Gwajin lilo, wanda ɗaliban fiziks ke yi tun daga babbar sakandare har shekarar farko a jami'a, ya isa misali. Ana ɗaure ƙaramin ƙwallon ƙarfe a zare, a rataye shi, a ja shi gefe kaɗan a sake, sannan a auna da agogo lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo sau ashirin. Ana maimaitawa da tsawon zare daban-daban, misali santimita 40, 60, 80 da 100. Manufar ita ce a gano g, wato yadda saurin abu ke ƙaruwa idan yana faɗowa saboda jan ƙasa. Ana kiran tsawon zaren L, lokacin lilo ɗaya kuma T. Idan aka zana giraf na T² a kan L, ana samun miƙaƙƙen layi, kuma daga gangarensa ake fitar da g, ta hanyar raba 4π² da gangaren.

A ɗauka ɗalibi ya samu gangaren 4.10. Kalkuleta za ta ba shi 9.6289 da ƙarin lambobi a baya. Kuskure na farko shi ne kwafe su duka. Agogon da ake dannawa da yatsa da rular katako ba za su iya tabbatar da lambobi huɗu bayan ɗigo ba. Hanyar gane adadin lambobin da suka cancanta ita ce a sake duba giraf ɗin, a ja layi mafi tsayuwa da layi mafi kwanciya waɗanda har yanzu suka dace da ɗigogin. Idan ɗaya ya ba da gangaren 4.20, ɗayan kuma 4.00, to g na tsakanin 9.4 da kusan 9.9. Sakamakon da ya dace a rubuta ke nan shi ne 9.6 ± 0.2 m/s². Wannan 0.2 ɗin ba abin kunya ba ne, domin shi ne ke gaya wa mai karatu faɗin tazarar da amsar gaskiya za ta iya kasancewa a ciki.

Jimlar farko ta kammalawa sai ta zama amsar manufa kai tsaye, da lamba da ma'auninta da tazarar rashin tabbas. Jimla irin "gwajin ya yi nasara" ko "an koyi yadda ake amfani da lilo" ba ta amsa komai ba, tunda ba wannan aka tambaya ba.

Daga nan sai kwatantawa da sanannen adadi. Littattafan makaranta suna ba da 9.8, kodayake g na ɗan sauyawa daga wuri zuwa wuri: kusa da tsakiyar duniya, inda Nijeriya da Nijar suke, yana kusa da 9.78, a can ƙarshen arewa da kudancin duniya kuwa ya kai 9.83. Bambancin 9.6 da 9.8 kusan kashi biyu cikin ɗari ne, kuma 9.8 ya faɗo a bakin tazarar da aka samu. Abin da ɗalibi ke da ikon cewa shi ne sakamakonsa ya yi daidai da sanannen adadi a cikin iyakar awonsa. Ba shi da ikon cewa ya "tabbatar" g daidai yake da 9.8, domin da a ce ainihin adadin 9.5 ne, awonsa ba zai iya bambancewa ba. Haka kuma tsawon zare huɗu tsakanin santimita 40 da 100 suna magana ne a kan wannan tazarar kaɗai. Wanda ya rubuta cewa dokar na aiki a kowane tsawo da kowace kwana ya faɗi abin da bai gwada ba.

Sashen iyakoki shi ne inda rahotanni da yawa ke lalacewa. An saba ganin "kuskuren ɗan Adam" ko "kayan aiki ba su da kyau", kuma waɗannan kalmomi za su shiga kowane rahoto, abin da ke nuna ba su bayyana komai a kan wannan gwajin ba. Iyaka mai amfani tana ambaton ainihin abin da ya faru, tana ƙiyasta girmansa, kuma tana faɗin ɓangaren da ya tura sakamakon, sama ko ƙasa.

Ga yadda hakan ke aiki. Jinkirin yatsa wajen danna agogo ya kai kusan daƙiƙa 0.2. Lilo ashirin a zare mai tsawon mita ɗaya na ɗaukar kusan daƙiƙa 40, don haka kuskuren rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne a T, ya zama kashi ɗaya a T². Irin wannan kuskure yakan faɗa kowane ɓangare, shi ya sa yake warwatsa ɗigogi a gefen layi. Faɗin kwanar da aka ja ƙwallon kuwa ɓangare ɗaya yake turawa kullum. Lissafin lilo ya dogara ne ga ƙaramar kwana, ƙasa da digiri goma. Idan aka ja ƙwallon har digiri 30, lokacin lilo na ƙaruwa da kusan kashi 1.7 cikin ɗari, g kuma ya ragu da fiye da kashi uku. Wannan na iya bayyana sakamakon da ya yi ƙasa da 9.8. Amma kuskuren ƙidaya da aka fi yi, wato a ce "ɗaya" a lokacin sakin ƙwallon maimakon "sifili", yana sa a auna lilo 19 a matsayin 20, ya ɗaga g zuwa kusan 10.9. Ɗalibin da ya samu 9.6 ya ɗora laifi a kan wannan ƙidaya ya kawo dalilin da ya saɓa wa lambarsa.

Akwai kuma kuskuren da giraf ke fallasawa da kansa. Tsawon L daga inda aka rataye zare ne zuwa tsakiyar ƙwallon. Wanda ya tsaya a saman ƙwallon ya rage kowane awo da adadi ɗaya. Gangaren bai sauya ba, don haka g bai taɓu ba, sai dai layin ba zai bi ta sifili ba. Ya kamata a ambaci hakan idan an gani, tare da bayyana cewa bai shafi amsar ba.

Idan aka haɗa duka, kammalawar za ta iya fitowa haka: "An samu g = 9.6 ± 0.2 m/s² daga gangaren giraf na T² a kan L, da tsawon zare daga santimita 40 zuwa 100. Adadin ya yi ƙasa da 9.8 da kusan kashi biyu cikin ɗari, amma 9.8 na cikin tazarar rashin tabbas. Ɗigogin sun bi miƙaƙƙen layi, kamar yadda lissafi ya yi hasashe a wannan tazarar. Ba a auna kwanar sakin ƙwallon ba, kuma idan ta wuce digiri goma za ta rage g, don haka mai yiwuwa tana cikin dalilan ƙarancin. Auna kwanar da ƙidaya lilo hamsin maimakon ashirin za su rage rashin tabbas."

Kalmar "mai yiwuwa" ta dace a nan saboda ba a auna kwanar ba, amma ba ta dace da jimlar farko ba, wadda awo ya tsaya mata. Shawarar gyara ma ta fito ne daga iyakokin da aka ambata. Ba a kawo sabon awo ko sabon lissafi a kammalawa, dole kowace lamba ta riga ta bayyana a jadawali ko giraf.

Idan sakamako ya fito 10.9 ko 8.7, abin da ya fito shi ake rubutawa, a ce bai dace da sanannen adadi ba, a kawo dalilin da ke tura lamba ta wannan ɓangaren. Gyara lambobin jadawali don su kusanci 9.8 ƙirƙirar bayanai ne, kuma malamin da ya saba duba rahoto yakan gane, domin awon agogon hannu ba ya jeruwa a kan layi babu ko ɗan kauce.