Guga a Rijiyar Lissafi: Yadda Ake Gano Inda Jerin Lambobi Zai Tsaya

A kakar shekarar 1858, wani matashin malamin lissafi Bajamushe mai suna Richard Dedekind ya fara koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta birnin Zurich, a ƙasar Siwizalan. Yana cikin shirya darasi sai ya ci karo da wata magana da kowa ya ɗauka ba ta bukatar hujja: duk abin da ke ta ƙaruwa ba ya komawa baya, amma akwai shingen da ba zai tsallake ba, dole ya doshi wata matsaya guda. Ya nemi hujja ta lambobi zalla da zai gabatar wa ɗalibansa, ya tarar ba shi da komai a hannu sai zane. Abin ya tsaya masa a rai, har ya ƙudurta ba zai huta ba sai ya samo tushen maganar. Shi da kansa ya rubuta cewa ya cim ma burinsa a ranar 24 ga Nuwamba na wannan shekara.

Wannan magana ita ce makamin da ake amfani da shi a yau wajen jerin lambobin da kowace ke haifar ta gabanta. A irin wannan jeri ba a ba mutum hanyar tsallakawa kai tsaye zuwa lamba ta ɗari. Lamba ta farko kawai ake ba shi, da doka guda, ya yi ta maimaitawa.

Ga misali mai daɗaɗɗen tarihi. A ce ana son fili murabba'i, wato tsawonsa da faɗinsa ɗaya, wanda girmansa murabba'in mita 2 ne. Mita nawa ne gefensa? Ana neman lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 2, wadda ake rubutawa √2. Mai awo zai iya farawa da cinke: tsawo mita 2, faɗi mita 1. Girman ya yi daidai, amma filin ya cika tsawo. Sai ya haɗa tsawon da faɗin ya raba biyu, ya sami 1.5, ya mai da shi sabon tsawo. Faɗin da zai dace da wannan tsawo shi ne 2 a raba da 1.5. Ya sake haɗawa, ya sake rabawa. In x ne tsohon tsawo, y kuma sabo, dokar ita ce:

```
y = (x + 2/x) / 2
```

Heron na Iskandariya ya bayyana wannan dabara a littafinsa Metrica a ƙarni na farko Miladiyya, inda ya gwada ta a kan 720: ya fara da 27, ya sami 26 da biyar bisa shida. Tun kafin shi da fiye da shekara 1,500, wani marubuci a Babila ya zana murabba'i a kan ɗan allon yumɓu da bai wuce tafin hannu ba, ya rubuta √2 da ƙirgensu na sittin-sittin. In an juya ta zuwa namu ƙirgen, lambarsa 1.41421296 ce. Allon yana Jami'ar Yale ta Amurka, da lambar ajiya YBC 7289.

In aka fara da 2, ga abin da dokar ke fitarwa: 2, sai 3/2 wato 1.5, sai 17/12 wato 1.41667, sai 577/408 wato 1.4142157. Ido na gani ya ce lambobin suna sauka, kuma sun kusa tsayawa. To amma ido lamba huɗu kawai ya gani, jerin kuwa ba shi da ƙarshe.

A nan ne ɗalibi mai gaggawa ke yanke hanya. Yakan ce: bari a kira matsayar L. In an yi nisa, tsoho da sabo duk sun zama L, saboda haka a sa L a madadin x da y a warware. Amsa takan fito, kuma a wannan karon daidai ce. Sai dai hanyar tana da rami, kuma ga yadda ake faɗawa.

A ɗauki wata doka: a ninka lamba sau biyu, a ƙara ɗaya. Daga 1 za a sami 3, 7, 15, 31, haka har illa ma sha Allahu. Mai gaggawa zai rubuta L = 2L + 1, ya warware ya sami L = −1. Jerin da ke ta hauhawa ba birki, an ce wai ya tsaya a ƙasa da sifiri! Ga wata kuma: a cire lamba daga 1. Daga 0 za a sami 1, 0, 1, 0, kamar lilo. Lissafin gaggawa zai ba da rabi, alhali jerin bai taɓa kusantar rabi ba. Jerin farko ba shi da shinge, na biyu yana da shinge amma ba ya bin alkibla ɗaya. A duka biyun an raɗa wa jariri suna tun ba a haife shi ba. Lissafin L yana cewa ne kawai: in har akwai matsaya, to ga ta. Bai ce akwai ta ba.

Shi ya sa aikin ke da matakai uku, kuma neman L ne na ƙarshe.

Matakin farko shi ne shinge. Tunda jerin Heron sauka yake yi, abin nema shi ne ƙasan da ba zai huda ba. Da farko, duk lambobin suna sama da sifiri, domin in x tana sama da sifiri, 2/x ma haka, tsaka-tsakinsu ma haka. Tunda lambar farko 2 ce, wannan hali zai bi ta biyu, daga ita ya bi ta uku, kamar hawan tsani. Sannan in aka ninka y da kanta aka cire 2, ɗan gyaran lissafi yana ba da:

```
y² − 2 = (x² − 2)² / (4x²)
```

Ɓangaren dama lamba ce da aka ninka da kanta, aka raba da wata irinta, don haka ba zai taɓa zama ƙasa da sifiri ba. Ma'ana, kowace sabuwar lamba in aka ninka ta da kanta ba za ta gaza 2 ba. Lambar da ke sama da sifiri mai wannan hali kuwa dole ta fi 1. Shinge ya samu.

Mataki na biyu shi ne alkibla. A cire sabo daga tsoho:

```
x − y = (x² − 2) / (2x)
```

Matakin farko ya riga ya nuna cewa saman wannan lissafi ba ya ƙasa da sifiri, ƙasansa kuma yana sama da sifiri. Ashe sabo ba zai taɓa fin tsoho ba. Abin lura shi ne yadda mataki na biyu ya jingina da na farko. Wanda ya fara da alkibla zai tarar yana bukatar shingen da bai gina ba tukuna.

Yanzu ƙa'idar da ta hana Dedekind barci ta shigo. A kwatanta jerin da gugar da ake zurarawa a rijiya, igiya na tafiya ƙasa kawai, ba a taɓa janyo ta sama. Akwai zurfafa da yawa da gugar ba za ta wuce ba: 0 yana ciki, 1 yana ciki, 1.4 ma yana ciki. A ɗauki mafi tudu a cikin duk waɗannan shingaye, a kira shi M. In aka ɗaga sama da M ko da ƙanƙanin gashi ne, wurin ya daina zama shinge, wato akwai lokacin da guga za ta gota shi. Da zarar ta gota, ba ta komawa sama, ba ta kuma huda M. Ta maƙale ke nan a wannan ɗan tsakani har abada. Tunda ana iya matse tsakanin yadda aka ga dama, M ce matsayar. Jerin da ke hawa ma haka ne, sai dai a kifar da hoton, a nemi rufi mafi ƙasa.

Wannan ya nuna wani kuskure da ake yawan gani a takardun jarrabawa: ɗalibi ya nuna lambobin ba sa sauka ƙasa da 1, sai ya ce matsayar 1 ce. Shinge daban, matsaya daban. Ƙa'idar ta yi alkawarin akwai wurin tsayawa, ba ta faɗi sunan wurin ba.

Sai mataki na uku, wanda yanzu ya halatta. Akwai L, kuma ba ta gaza 1 ba, saboda haka raba 2 da ita ba matsala. Tsoho na dosar L, sabo ma na dosar L, domin jeri ɗaya ne aka gusa da taki guda. Dokar kuma tarawa ce da rabawa, waɗanda ba sa tsalle idan abin da aka zuba musu ya matsa kaɗan. Don haka L = (L + 2/L) / 2. A ninka da 2L a gyara, a sami L² = 2. Amsoshi biyu ne suka fito, √2 da −√2, kuma shingen ne ke yanke hukunci: abin da ba ya gaza 1 ba zai zama −√2 ba. Da an fara da −2 a madadin 2, ɗaya amsar ce za ta ci. Da kuma an fara da 1, jerin zai yi tsalle sama zuwa 1.5 sannan ya kama sauka. Wannan bai ɓata komai ba, domin 'yan lambobin farko ba su da ta cewa a kan matsaya. Sai a fara hujjar daga lamba ta biyu.

Akwai mai cewa ai ganin taki na raguwa ya isa hujja, ba sai an wahala da shinge ba. Bai isa ba. A fara da 1, a ƙara rabi, a ƙara ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu, a ci gaba. Takin na ta ƙanƙancewa, kuma sai an tara har guda 12,367 kafin jimla ta haura 10. Duk da wannan tafiyar hawainiya, Nicole Oresme na Faransa ya nuna tun ƙarni na 14 cewa babu lambar da jimlar ba za ta wuce ba.

To me ya dami Dedekind a hujjar guga? Jimla ɗaya ce: a ɗauki mafi tudu a cikin shingaye. Wa ya ce akwai shi? Duk lambobin jerin Heron lamba ce bisa lamba: 3/2, 17/12, 577/408. Amma tun zamanin Girkawan dā an tabbatar ba za a iya rubuta √2 a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata ba. Da a ce irin waɗannan lambobi kaɗai ke duniya, da guga ta yi ta sauka, da shinge a ƙasanta, ta doshi wurin da babu kowa. Ƙa'idar tana tsayuwa ne kawai in layin lambobi ba shi da ɓuli.

Abin da Dedekind ya yi shi ne toshe ɓulin. Ya raba duk lambobin nan na lamba-bisa-lamba gida biyu: waɗanda ke sama da sifiri kuma ninkinsu da kansu ya fi 2 a gida ɗaya, sauran a ɗaya gidan. Ya ce wannan yanka shi ne ke ayyana √2. Bai buga aikin ba sai a 1872, shekara 14 bayan darasin Zurich, a wani ɗan ƙaramin littafi. Lamba ta biyar a jerin Heron, 665857/470832, tana gidan sama, kuma ta dace da √2 har gurbi 11 bayan ɗigo.