Kan Saƙon Imel Idan Za A Sauya Oda Cikin Gaggawa

Kan saƙo shi ne ɗan layin da ake cikewa a gurbin da aka rubuta Subject kafin a aika imel. A sashen sayar da kaya na kamfani, wannan layi ne ma'aikaci ke dubawa ya yanke shawarar saƙon da zai fara buɗewa. Galibi akwatin saƙo ɗaya mutane da yawa ke amfani da shi, kuma a cikinsa ake samun masu tambayar farashi, masu korafi da masu talla. Saƙon sauya oda kuwa yana da wa'adi. Da zarar an fitar da takardar kuɗi, sito ya ware kaya, mota ta yi lodi, gyara ya zama dawo da kaya, da kuɗin mota da jayayya kan wanda zai biya.

Kan saƙo mai kyau yana ɗauke da abu huɗu a jere: lambar oda, abin da ya sauya, abin da ake so a yi, da lokacin da ake jiran amsa. Lambar oda ce ke zuwa farko, domin da ita ma'aikaci zai nemo cinikin a kwamfuta, kuma da ita za a gane wanda odar ke hannunsa. Ana rubuta ta daidai yadda take a takarda, ko da PO ta fara ko da LPO. Dalilin wannan jeri shi ne waya ba ta nuna dogon layi gaba ɗaya. Yawanci haruffa 30 zuwa 40 na farko ake gani, sauran su yanke, don haka abin da aka kai ƙarshe yana iya ɓuya.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Singa, Kano, wanda ya yi odar katan 200 na sabulu daga wani kamfani a Legas, lambar odarsa 4521, za a yi lodi ranar Laraba da safe. Ranar Litinin sai ya ga katan 120 kawai sitonsa zai ɗauka. Idan ya rubuta Urgent kaɗai, bai faɗi komai ba, domin kowa haka yake rubutawa, har kalmar ta daina motsa kowa. Tunda da Turanci ma'aikatan kamfanin ke aiki, abin da ya dace ya rubuta shi ne:

```
PO 4521 CHANGE: 200 to 120 ctns - hold loading, reply by Tue 14 Oct 10am
```

Haruffa 31 na farko sun riga sun faɗi lambar oda, tsohon adadi da sabon adadi. Sauran layin yana neman a dakatar da lodi, a kuma amsa kafin ƙarfe 10 na safiyar Talata. An sa tsohon adadi tare da sabo ne don kada a ɗauka ƙarin katan 120 ake so a kan na farko. An kuma sa kwanan wata maimakon a ce gobe, saboda wanda ya buɗe saƙon ranar Talata zai ɗauka Laraba ake nufi, ranar da mota za ta tashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne danna Reply a kan tsohon saƙon odar. Sabon bayani zai tafi da tsohon kai, an ƙara masa Re: kawai, kuma manhaja irin Gmail za ta cusa shi ƙarƙashin hirar da ma'aikaci ya ɗauka an gama da ita. Sauyi yana buƙatar sabon saƙo da sabon kai. Haka nan ba a haɗa oda biyu a saƙo ɗaya, domin ana iya gyara ɗaya a manta da ɗaya. Rubuta layin duka da manyan baƙaƙe da jerin alamun motsin rai yana sa saƙo ya yi kama da na 'yan talla. Kalma ɗaya da manyan baƙaƙe ta wadatar.

A cikin saƙon ana maimaita sauyin a jimlar farko, a liƙa takardar oda da aka gyara, mai ɗauke da lambar nan da alamar gyara na farko, wato Rev 1. Sai dai kan saƙo yana sa a buɗe imel ne kawai, ba ya sauya oda. Amsar da kwamfuta ke turowa da kanta cewa saƙo ya iso ba amincewa ba ce. Idan wa'adi ya matso ba a ji komai ba, sai a buga waya, a faɗi lambar oda da lokacin da aka aika saƙon. Sauyi bai tabbata ba sai kamfanin ya amsa a rubuce da sabon adadi, ko ya turo takardar kuɗi da ke nuna katan 120.