Ina sauran faifan ya shiga?

Mai shagon tura fina-finai ya sayi faifan ajiya mai terabait 4, ya ɗaura wa kwamfutarsa, sai ta nuna masa gigabait 2048 kacal. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa faifan lafiyarsa lau, matsalar tana cikin teburin da ke farkonsa, wanda ke faɗa wa kwamfuta inda kowane yanki ya fara da kuma tsawonsa.

Tsohon tsarin teburin, MBR, tun 1983 ake amfani da shi. Faifai a yanke yake zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bait 512. MBR ya ware bit 32 ne kawai don rubuta adadinsu, wato ba ya iya ƙirga fiye da gurabe 4,294,967,296. In ka ninka wannan da 512, nan ne gigabait 2048 ɗin ya fito. Duk abin da ya haura nan yana nan daram a kan faifan, teburin ne ba shi da lambar da zai kira shi da ita.

Gane hakan ba wuya. A Windows, buɗe Disk Management. Faifan terabait 4 zai nuna jimillar kusan gigabait 3726 (wannan ragin ba cuta ba ce, kamfani da dubu yake lissafi, Windows kuma da 1024). Za ka ga 2048 a gefe guda, sannan kusan 1678 an rubuta masa Unallocated, ka yi ka yi ka buɗe yanki a wurin ya ƙi.

Maganin shi ne mayar da faifan GPT, wanda ke ƙirga da bit 64. Amma fa a fara kwashe kayan ciki zuwa wani wuri, domin wannan hanyar share komai take yi. A cikin diskpart:

```
list disk
select disk 1
clean
convert gpt
```

Lambar 1 misali ce. Duba girman kowane faifai da kyau kafin ka zaɓa, don `clean` ba ya tambayar ko ka tabbata.

Idan kuwa a kan faifan Windows take zaune, akwai `mbr2gpt` da ke sauyawa ba tare da shara ba, sai dai dole kwamfutar ta iya tashi da UEFI, kuma a sauya saitinta bayan an gama, in ba haka ba ta ƙi tashi.

Wani lokacin kuma ba ruwan tebur. Faifan terabait 3 da ya nuna jimillar gigabait 746 kaɗai, galibi tsohon akwatin USB ɗin da aka saka shi ne ya kasa ƙirgawa. A sauya akwatin tukuna, kada a rubuta komai a kai.