Buɗe Kwalin Waya a Gaban Kyamara

Shirinmu na yau ya leƙa Lambara, can wajejen Shagari da Bodinga a jihar Sakkwato, inda matashi mai sayar da waya zai sari kaya daga cikin gari ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano, ya ɗauki bidiyon buɗe kwali, ya saka a WhatsApp. To a gari irin wannan, wanda ka sayar wa waya da hantsi, da shi za ka yi sahu a sallar la'asar. Don haka abin da za ka faɗa a bidiyon, gara ka rubuta shi tukuna.

Mu ɗauki waya ta masu matsakaicin ƙarfi, irin su Tecno, Itel ko Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, wato Transsion na ƙasar Sin. A ce kwalinta na ɗauke da 8GB RAM, da ma'aji 128GB, da batir 5000mAh.

Rubutun zai fara da kwali a rufe. Mai kaya ya juya shi ta kowane ɓangare a ga ba a taɓa ɓare shi ba, sannan ya ɓare, kuma daga nan kada a yanke hoton har wayar ta kama. Da zarar an yanke, mai kallo na da hujjar zargin an musanya. Ya fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya karanta ƙarfin da aka rubuta a jikin kan caja. Idan babu abin sauraro na kunne, ya ce babu.

Sai ya danna `*#06#`. Lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ya kwatanta ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, kwalin ba na wayar ba ne, kuma nan bidiyo ya ƙare, sai a koma wurin dila. In sun yi daidai, ya nuna alƙaluman ƙarshe kawai, ya rufe saura da yatsa.

Yanzu ga inda aka fi yin rufa-rufa. Wannan 8GB da aka rubuta da manyan baƙi, duba ƙasansa da kyau, sau da yawa za ka ga 4+4 da ƙananan baƙi. Huɗu na farko su ne na ainihi, waɗanda aka ƙera wayar da su. Huɗu na biyu aro ne daga ma'ajin waya, kuma ma'aji bai kai RAM sauri ba ko kusa. Aron yana ɗan taimakawa manhajoji su zauna a buɗe, amma ba ya mayar da jaki doki. Ga yadda mai gaskiya zai rubuta wannan gaɓar:

"Jama'a, kwali ya ce takwas. Mun shiga Settings, mun buɗe bayanin waya, ga shi kuna gani: huɗu nata ne, huɗu aro. Alhaji, in kira da WhatsApp da sauraron karatu kake so, ta ishe ka. Ƙanena mai wasannin waya masu nauyi, wannan ba taka ba ce."

Haka ma ma'aji. Ba za a samu 128 cif ba, domin manhajar da ke tafiyar da wayar ta riga ta ci nata kaso. Ya buɗe Storage, ya karanta abin da ya rage da bakinsa.

Batir kuwa, a ganina nan ne ake gane mai kunya. Wanda ya buɗe waya minti biyar da suka wuce ba shi da ikon cewa tana kwana biyu ba caji. Abin da ya sani shi ne lambar da ke kwali da kason cajin da ta zo da shi. Daɗewar caji ta danganta da hasken fuskar waya da ƙarfin sabis, domin inda sabis ke da rauni waya na ƙara shan batir wajen nemansa. Ga kuma zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, wanda ke saurin tsufar da batir. Sai ya rubuta: "Zan cika ta da caji yau, gobe war haka zan nuna muku abin da ya rage."

Kafin ya faɗi farashi, ya saka layinsa a can Lambara, ya kira wani a ji murya, ya fita rana a ga ko ana iya karanta rubutu, ya ɗauki hoto ɗaya a waje, ɗaya a cikin ɗaki. Na ɗakin zai fi duhu da dishi-dishi, ya bar shi a haka. Sannan ya faɗi kuɗinta, da tsawon garantin da ke kan takardar cikin kwali, da kwana nawa shi kansa zai karɓe ta idan ta nuna matsala.