Mene ne yankin hana shiga a ma'aikatar fasa dutse?

Idan dutse ya rufto a ma'aikatar fasa dutse, jami'in kiyaye haɗari yakan ambaci yankin hana shiga. Fili ne da ake killacewa a gindin bangon dutsen, saboda ruwan sama da girgizar nakiya suna buɗe tsagar da ke jikinsa. Dutsen da ya ɓalle yana yin tsalle ya gangara, don haka faɗin filin yakan bi tsayin bangon. Jami'in yakan ƙirga mutanen da ke wurin, ya tsayar da motocin haƙa. Masu ma'aikata kan ce injin da ke zaune asara ne, kuma gaskiya ne. Sai dai ruftowar farko takan sassauta duwatsun da ke kusa, kuma direban da ya koma ɗauko mota yana shiga daidai inda ta biyu za ta sauka.