Neman gidan Mambayya da neman tarihin Aminu Kano ba ɗaya ba ne

Mai koyon rubutun intanet a Nassarawa GRA kan tara kalmomin da ake nema a Google, ya cusa su duka cikin maƙala ɗaya. Ko shafin ya fito a gaba, mai karatu zai iya fita nan take idan bai ga abin da ya kawo shi ba.

A duba sunan Aminu Kano. Wanda ya rubuta "tarihin Malam Aminu Kano" ilimi yake nema. Maƙalarsa ta fara da amsa: an haife shi a 1920, ya rasu a 1983, ya jagoranci NEPU da PRP. Sauran bayani ya biyo baya ƙarƙashin ƙananan kanun labari.

Wanda ya rubuta "Mambayya House" wurin yake son zuwa. Layi uku sun ishe shi: gidan yana Gwammaja, Jami'ar Bayero ce ke kula da shi, ga taswira. Dogon tarihi ɓata masa lokaci ne.

Na uku ya rubuta "otal kusa da filin jirgin Aminu Kano". Da kuɗinsa a hannu, zaɓi yake yi. A ba shi jadawali mai farashi, nisa da ranar da aka duba farashin.

Kafin fara rubutu, a shigar da kalmar a Google, a ga abin da ya fito a sama. Taswira na nufin wuri ake nema, tallace-tallace na nufin ciniki, Wikipedia kuwa alamar neman bayani ce.