Minti Biyar a Shago Ba Ya Nuna Halin Laftof

Duk wanda ya je sayen laftof don buga gem ya san yadda ake yi. Mai shago zai kunna ta, ya buɗe GTA V ko wasan ƙwallo, a ga mota tana gudu sumul, sai ya ce, "Ka ga ni ko? Lafiyarta ƙalau." Ba ƙarya ya yi ba. Matsalar ita ce a waɗannan mintuna na farko kwamfutar a sanyaye take, kuma da ƙarfin aro take aiki.

Mu ɗauki siririyar laftof mai Core i5-8250U, irin wadda ta cika kasuwar tokumbo. Harafin U ɗin nan na ƙarshe yana nufin an ƙera furosesar don ta riƙa cin wuta kaɗan, wat 15. Idan aka ɗora mata nauyi, tana iya zarce hakan ta hau har 3.4 GHz, amma na ɗan lokaci ne, sau da yawa kamar daƙiƙa 28, sannan ta sauko. Kuma sashen da ke zana hoton gem, UHD 620, a cikinta yake, don haka wat 15 ɗin nan su biyu suke rabawa, a kan bututun jan ƙarfe guda da 'yar fanka guda. Duk wutar da ta ci, zafi take komawa. Idan zafin ya doshi digiri 100, da kanta za ta rage gudu don kada ta lalace. A nan ne hoto yake fara tsinkewa.

Ga lissafin da nake ganin ya fi komai amfani, kuma ba kowa ne ke yin sa ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi; iskar ɗaki take zuƙa. Saboda haka abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin furosesa da na ɗaki. A ce wani ya gwada irin wannan laftof a Turai, cikin ɗaki mai digiri 22, ta tsaya a 85. Tazarar 63 ke nan. Ka kawo ta Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano, digiri 38 da la'asar. Ka haɗa 38 da 63, ka sami 101. Ba za ta kai can ba, sai dai ta rage gudu. Amma da sanyin hunturu, ɗaki yana 24, lissafin 87 zai ba ka, ta yi sa'o'i ba ta gaza ba. Kintace ne, domin fankar tana iya ƙara juyawa ta rage 'yan digiri, amma yana nuna maka inda aka dosa.

Idan laftof ɗin tana gabanka, ka roƙi mai shago rabin awa. Ka jona caja, domin a kan batir yawancinsu rage ƙarfi suke yi ko da babu zafi. Ka buɗe manhajar HWiNFO, kyauta ce, ka kunna gem, ka rubuta zafi da gudun furosesa a minti na 2, sannan a minti na 25. Idan layin Core Thermal Throttling ya nuna Yes, zafi ne ya kama ta. Idan kuwa zafin yana wajen 75 amma layin Power Limit Exceeded ne ya nuna Yes, iyakar wutar da kamfani ya sa mata ce, kuma ko a ɗakin AC ka ajiye ta ba abin da zai canza sosai. Wadda take jan ƙafa tun daga daƙiƙar farko, wannan ba zafi ba ne. Ƙarfinta ne bai kai gem ɗin ba, ko kuma RAM ɗinta sanda guda ne.

Ka kuma juya ta ka duba ƙasanta, ka kai bayan hannunka inda iska ke fita. Fanka tana ta kuka amma iskar 'yar kaɗan ce? Ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen, ta zama kamar auduga, kuma a tokumbo mai shekaru mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa da bututun ya bushe. Wannan mai gyara zai magance shi. Amma masu arhar nan na Celeron N4020, wat 6 suke ci, da yawansu ma ba su da fanka; jikinsu ne kaɗai ke fitar da zafi, kuma ba ni ba kowa shawarar saye don gem mai nauyi.

Bayan ka kai ta gida, kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Ka sa ta kan tebur, ka tokare bayanta da murfin kwalba biyu, iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa.